Tsakanin fasawa da sokewa akwai naira dubu casa'in

«Malam, ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani masauki a Kano. Manaja ya ce in mayar da ƙa'idarmu Hausa. Ga yadda take a shafinmu: *Free cancellation up to 48 hours before check-in. Cancellations within 48 hours are charged the first night. No-shows are charged the full stay. Deposit is non-refundable.* Ni kuma na rubuta: “Idan ka fasa kafin kwana biyu ba ka biyan komai. Idan ka fasa cikin kwana biyu za a ci ka tarar kwana ɗaya. Wanda bai zo ba zai biya duka. Ba a mayar da kuɗin ajiya.” Ya yi, ko da gyara?»

Malama, Hausarki ta fita, babu gargada, wanda ya karanta ba zai ce baƙo ne ya rubuta ba. Amma da za a liƙa ta a bango yau, kafin wata ya ƙare sai kun yi cacar baki da baƙo a kan kuɗi, kuma shi zai fi ku gaskiya. Layi huɗu kika rubuta, kowanne ya matsar da kuɗi daga inda na Ingilishi ya ajiye shi. Irin wannan rubutu da lissafi ake auna shi. In baƙo ɗaya ya yi abu ɗaya a lokaci ɗaya, dole takardun biyu su fitar da naira iri ɗaya. In sun fitar da biyu, to ƙa'ida biyu gare ku, ko da kowace kalma ta dace da abin da ke cikin ƙamus.

Don kada mu yi ta magana a iska, bari mu kama baƙo ɗaya mu riƙe shi har ƙarshe. Ya kama ɗaki na kwana uku, zai shiga ranar Juma'a ya fita Litinin. A ce lokacin shiga ɗaki a wurinku ƙarfe 2 na rana ne. Kwanan Juma'a da na Asabar naira 50,000 kowanne, na Lahadi 40,000, jimla 140,000. Ya turo 30,000 tun ranar da ya kama ɗakin. Kuɗin misali ne, ki sa naku a madadinsu.

Fasawa a zuci take, sokewa sai an faɗa

Kalmar da ta fi ba ni tsoro a rubutunki ita ce “fasa”. Bahaushe yana fasa tafiya yana kwance a ɗakinsa, bai gaya wa kowa ba. “Na fasa” labarin niyya ne. Abin da ƙa'idar Ingilishi take nufi kuwa aiki ne da ake yi wa masauki: a kira, ko a aika saƙo, ko a danna wani wuri a shafi, har ku san ɗakin ya kuɓuta ku ba wani. Duk ginin ƙa'idar a kan wannan sanarwa yake. Shi ya sa wanda ya sanar da wuri ba ya biyan komai, wanda ya sanar a makare ya biya kwana guda, wanda ya yi shiru ya biya duka.

Ki duba abin da “fasa” za ta jawo. Baƙonmu bai zo ba, bai kira ba. Ranar Litinin kun ce ya biya 140,000. Sai ya nuna miki takardarki ya ce shi tun ranar Alhamis ya fasa, matarsa shaida ce, kuma rubutunku ya ce wanda ya fasa kwana ɗaya zai biya. Bai yi ƙarya ba. Tsakanin 140,000 da 50,000 akwai 90,000, kuma kalma ɗaya ce ta cinye su. In ma ya ce tun Litinin ɗin da ta wuce ya fasa, to ko sisi ba ku da shi a kansa.

Saboda haka “soke” nake amfani da ita, domin ba a soke abu a zuci, kuma nakan ɗaure ta da sanarwa tun a layin farko: “wanda ya sanar da mu ya soke”. Kada ki ji tsoron cewa kin ƙara abin da babu a asali. Sanarwar tana cikin kalmar Ingilishin, Hausa ce take bukatar a fito da ita fili. Da zarar kin zaɓi “soke”, ki riƙe ta har ƙarshen takardar. A makaranta an koya mana cewa maimaita kalma rauni ne, sai mutum ya sa “soke” a nan, “janye” a can, “fasa” a gaba. A rubutun yarjejeniya, sauya kalma alama ce ta an sauya abin da ake nufi. “Ɗage” kuwa wani abu ne dabam, canza rana ke nan, kada ta kusanci wannan layi.

Sai “wanda bai zo ba”. Ai wanda ya soke tun da mako guda shi ma bai zo ba. Layinki na uku ya haɗiye na farko da na biyu. Hausa ba ta da kalma ɗaya tilo da ta tsaya a wannan gurbi, kuma ban ga amfanin ƙirƙiro ta ba. Bayani ake yi: “wanda bai zo ba kuma bai sanar da sokewa ba”. Sharuɗɗa biyu ne, sai sun haɗu. Na sha ganin an rubuta “ko” a wurin “kuma”, wanda ke nufin ɗaya ma ya isa a caji mutum kuɗin kwana uku.

Wani ɗan abu a gefe: a baki kowa “bukin” yake cewa, “na yi bukin ɗin ɗaki”. A rubuce kuwa “soke bukin” ya yi kama da an soke shagalin aure. Nakan rubuta “kama ɗaki”, kowa ya gane.

Awa 48 ba kwana biyu ba ce

Nan ne aka fi faɗawa, domin a lissafin makaranta daidai suke. Bahaushe kuwa darare yake ƙirgawa. Baƙonmu ya kira ranar Laraba da ƙarfe 5 na yamma ya ce ba zai samu zuwa ba. A wurinsa Juma'a jibi ce: zai kwana Laraba, ya kwana Alhamis, saura kwana biyu cif. A takardarki bai makara ba. A ta Ingilishi kuwa ƙofa ta rufe tun ƙarfe 2 na ranar Laraban, domin daga 5 na yammar Laraba zuwa 2 na ranar Juma'a awa 45 ce. Takarda ɗaya ta ce kyauta, ɗayar ta ce 50,000. In asali ya ƙirga da awa, ki ƙirga da awa, ki rubuta 48 da lamba. In ya ƙirga da rana, ki bar shi da rana. Kada ki yi wa kowa canji.

“Kafin kwana biyu” da “cikin kwana biyu” su ma ba su faɗi daga ina ake ƙirgawa ba. Ki ba mutum goma su karanta “idan ka fasa cikin kwana biyu”, za ki samu waɗanda suka ɗauka kwana biyu bayan kama ɗakin ake nufi, wato gaba ake ƙirgawa. Ƙa'idarku kuwa baya take ƙirgawa, daga lokacin shiga. Kalmar *within* haka take, tana kallon gaba tana kallon baya, abin da ke kewaye da ita ne yake nuna inda ta fuskanta. Hausa tana da maganin wannan a kalmar “saura”. “Ana saura awa 48 ko fiye” da “saura ƙasa da awa 48” ba sa karantuwa ta hanya biyu. Ki lura da “ko fiye” ɗin nan. Ita ce ta ɗauki wanda ya kira ƙarfe 2 daidai na ranar Laraba ta sa shi cikin masu kyauta, kamar yadda *up to* ta yi. In kika rubuta “fiye da awa 48” kin fitar da shi.

Bari in ba ki nawa kuskuren, don ki san ba daga sama nake magana ba. Shekarun baya na fassara wa wani masauki saƙon da suke tura wa baƙo na tabbatar da ɗaki. Inda aka ce kwanan ranar Juma'a, na rubuta “daren Juma'a”, ban sa kwanan wata ba. Wani dattijo ya taso daga garinsu ranar Alhamis, ya iso bayan magariba da jakarsa da ɗan rakiyarsa. A wurinsa, kamar yadda muka taso muka ji, dare yana gaban yininsa: daren Juma'a shi ne wanda ake kwana a wayi gari Juma'a. Masaukin a cike yake da 'yan biki, aka ce masa ɗakinsa sai gobe. Ya yi fushi ya tafi gidan wani ɗan'uwansa, washegari bai dawo ba, kwamfuta ta rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba. Da aka kira ni, na tarar da manajan ya ajiye saƙon a gabansa ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin biyu da jan biro. Aka mayar wa dattijon kuɗinsa, ni kuma na sha kunya. Matasa da yawa yanzu in sun ce daren Juma'a, na bayan sallar Juma'a suke nufi, manya kuma suna kan na da, don haka kalmar ta zama mai fuska biyu. Tun daga ranar nake rubuta “ranar Juma'a da dare, wayewar Asabar”, in bi shi da kwanan wata. Haka ƙarfe 12: ko “12 na rana” ko “12 na dare”, ba na barin ta tsirara. In kuna karɓar baƙi daga waje, ki ƙara “agogon Nijeriya”. Da Nijar agogonmu ɗaya, amma Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu.

Sunan kuɗi

“Za a ci ka tara” ba ya cikin asali. Asalin cewa ya yi za a caji kuɗin kwanan farko. Tara hukunci ce, ta alƙali ko ta hukuma, a kan wanda ya yi laifi. Wannan ba maganar ladabi kaɗai ba ce. Dokar yarjejeniya da Nijeriya ta gada daga Ingila tana bambanta kuɗin da aka ƙiyasta tun farko don rufe asarar da za a yi, wanda kotu take tabbatarwa, da kuɗin da aka ɗora don tsoratarwa ko horo, wanda kotu take iya ƙin tilastawa. Sunan da aka sa wa kuɗin ba shi kaɗai alƙali yake dubawa ba, ainihin abin yake bi. Duk da haka, mene ne amfanin ki rubuta da hannunki cewa horo ne, alhali masu wurin ba su ce ba? Ki ce “zai biya”. In kuwa wata rana aka kawo miki takardar da ita kanta ta kira shi tara, to ki bar shi tara, kada ki wanke musu.

“Kwana ɗaya” kuma ba “kwanan farko” ba ne. Baƙonmu zai ce to, ku cire na Lahadi, 40,000. Ku kuma na Juma'a kuke nufi, 50,000. A wurin da farashi yake hawa a ƙarshen mako ko lokacin sallah, wannan bambanci kullum yana nan.

Sai babbar, “kuɗin ajiya”. Ki karanta layinki da kunnen mahaifinki: ba a mayar da ajiya. Ajiya amana ce, sunanta ma ya ce za a dawo a karɓa. Wanda ya ce ba ya mayar da ajiya ya kira kansa maci amana. Kalmar *deposit* tana ɗauke da abubuwa aƙalla uku, kuma kowanne da sunansa a Hausa. Akwai kuɗin da ake bayarwa don a ƙulla ciniki, a lissafa shi cikin farashi, wannan shi ne kafin alƙalami. Akwai wanda ake riƙewa saboda ko baƙo zai fasa gilashi ko ya ɓatar da makulli, a mayar masa in ya fita lafiya, wannan ya fi kusa da jingina. Akwai kuma zuba kuɗi a asusun banki, wanda shi ne ajiya ta gaskiya. Naku, daga yadda ya zo a layin, na farko ne. Amma “kafin alƙalami” ita kaɗai ba ta faɗi ko ana mayarwa ba. A kasuwa wani yana mayarwa, wani ba ya yi, shi ya sa ake rigima a kai. Dole layin ya faɗa da bakinsa.

Ki kuma san cewa wasu baƙinku da kunnen fiƙihu za su karanta wannan layi. Cinikin da mai saye zai ba da wani abu, in ciniki ya faɗa a lissafa shi cikin kuɗi, in ya janye ya zama na mai kaya, shi ne malamai suke kira urbun. Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, ba ta halatta shi ba, haka Hanafiyya da Shafi'iyya. Hanbaliyya ta halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da shi a zamanta na Burunai a 1993, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Ba aikin mai fassara ba ne ya yi fatawa a cikin takardar otal. Na kawo shi ne don ki gane dalilin da zai sa wani Alhaji ya tsaya a wannan layi ya ƙi wucewa, da kuma dalilin da ya sa ba a lulluɓe shi da lafazi mai taushi. Ya gani ƙarara tun kafin ya turo kuɗi, ya zaɓa.

Abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram da suke fassara daga Faransanci sun fi mu sanin zafin wannan. Faransanci yana da kalma biyu, *arrhes* da *acompte*, kuma a dokar Faransa hukuncinsu ya sha bamban. A ta farko kowa yana da damar janyewa: mai saye in ya janye ya yi asarar abin da ya bayar, mai kaya in ya janye ya mayar da ninki biyu, kamar yadda sashe na 1590 na kundin dokar farar hula ya tanada. A ta biyu ciniki ya riga ya faɗa, kuɗin somin biya ne, wanda ya janye ana iya bin sa sauran. Duk biyun Bahaushe kafin alƙalami zai ce. Wanda ya tsaya a nan bai ƙara bayani ba ya goge bambancin da dokar ta gina.

Inda asalin kansa yake da rami

Yanzu ki koma kan Ingilishin ki karanta layin farko da na ƙarshe tare. Na farko ya ce sokewa da wuri kyauta ce. Na ƙarshe ya ce ba a mayar da kafin alƙalami. Baƙonmu ya soke tun ranar Litinin, saura kwana huɗu. Ina 30,000 ɗinsa? In an riƙe, ba kyauta ba ce. In an mayar, layin ƙarshe ya faɗi. Wannan ba laifinki ba ne, haka aka kawo miki. Ga wata kuma: wanda ya soke a makare, 50,000 ɗin da zai biya har da 30,000 da ya riga ya bayar, wato ya ciko 20,000, ko kuwa a kanta za a ɗora ya zama 80,000? Takardar ta yi shiru. Ba ta kuma faɗi ƙarfe nawa ake yanke cewa mutum bai zo ba. Wanda ya taso daga Maiduguri mota ta lalace masa a Potiskum, ya iso ƙarfe 2 na dare, ya zo ko bai zo ba? Wanda ya kira ƙarfe 6 na yammar Juma'ar, bayan lokacin shiga ya wuce, ya ce a soke, a wane layi yake? Har awa 48 ɗin ma sai an tambaya, domin wasu wuraren daga ƙarfen shiga suke ƙirgawa, wasu daga farkon ranar.

Jarabawar mai fassara a nan take. Kin san yadda kuke yi a aikace, hannunki zai yi ƙaiƙayi ki cike ramin da abin da kika sani. Kada ki yi. In kika cike a Hausa kaɗai, takardar Hausa ta yi alkawarin da ta Ingilishi ba ta yi ba, kuma ke kika yi shi, ba masu wurin ba. In kuma kika kwafe ruɗanin kika yi shiru, kin ga rami kin bar makaho ya nufe shi. Abin da nake yi shi ne in rubuta tambayoyin a takarda dabam, kowace da misalinta na kuɗi, in miƙa wa mai aikin, in ce a amsa min a rubuce. Sai a gyara Ingilishin tukuna, sannan Hausar ta bi shi. Manajoji sukan yi tsaki da farko. Nakan gaya musu cewa a ƙa'idar kotu, in lafazin yarjejeniya ya ɗauki ma'ana biyu, ana karanta shi ne a kan wanda ya rubuta, ba a kan wanda aka miƙa wa ba. Ramin nasu ne, su za su faɗa.

Akwai abin da ya kamata manajanku ya ji game da layin ƙarshen nan. Dokar Tarayya ta Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, a sashe na 120, ta ba mai saye damar soke abin da ya kama tun gaba, ta kuma ba mai wurin damar cire kuɗin sokewa, amma wanda bai wuce kima ba. Wajen auna kimar ana duba irin hidimar, da tsawon sanarwar da aka bayar, da yiwuwar a samu wani ya maye gurbin, da abin da aka saba a wannan sana'a. A 2022 Babbar Kotun Jihar Inugu ta dogara da wannan doka ta ce rubutun “ba a mayar da kuɗi bayan an biya” na wani kamfanin motocin haya ya saɓa wa doka. Ni mai fassara ne, ba lauya ba. Ko riƙe 30,000 ɗinku ko cajin kwana uku cur ya wuce kima, lauyan masaukin ne zai faɗa, kuma shi ya kamata ya ga takardun biyu kafin a liƙa. Iyakata in nuna wurin. Abin da ba zan yi ba shi ne in sassauta Hausar don ta dace da doka alhali Ingilishin yana nan da kaifinsa.

Za a ba ki shawarar a ƙara layin da ke cewa in takardun biyu sun saɓa, ta Ingilishi ce abin dogaro. Ana yin haka, kuma in sun sa shi ki fassara shi a sarari, a inda ido zai gani. Amma kada ya sa ki sake jiki. Sashe na 114 na dokar nan ya ce bayanin da ake ba mai saye ya kasance cikin lafazi mai sauƙi da zai fahimta. Mutumin da kuka miƙa wa Hausa don ba ya karanta Ingilishi, ya biya kuɗi a kan abin da ya karanta, da wuya a ce masa daga baya ai wancan da bai iya karantawa ba shi ne na gaskiya, a zauna lafiya.

Yadda zan rubuta, da yadda zan gwada

A ce manaja ya amsa: daga ƙarfe 2 ake ƙirgawa, ana jiran baƙo har 12 na dare, mai sokewa da wuri ana mayar masa da kuɗinsa, sauran kuma ana lissafa kafin alƙalaminsu cikin abin da za su biya. An gyara Ingilishin ya faɗi haka. To ga Hausar:

“Lokacin shiga ɗaki ƙarfe 2 na rana ne, agogon Nijeriya. Baƙon da ya sanar da mu ya soke ana saura awa 48 ko fiye kafin lokacin shiga ba zai biya komai ba, kuma za mu mayar masa da kafin alƙalaminsa. Baƙon da ya sanar da mu ya soke ana saura ƙasa da awa 48 zai biya kuɗin kwanan farko. Baƙon da bai zo ba har ƙarfe 12 na daren ranar shigarsa, kuma bai sanar da sokewa ba, zai biya kuɗin dukkan kwanakin da ya kama. A waɗannan biyun na ƙarshe ba za mu mayar da kafin alƙalami ba, za mu lissafa shi cikin abin da baƙon zai biya.”

Ki lura na cire “za a” da “ba a”, na sa “za mu” da “zai”. Hausa tana son ɓoye mai aiki, “za a mayar”, “za a duba”, kuma a hira hakan ladabi ne. A nan kuwa dole a san wa ke bin wa. Ki kiyayi “za a iya” musamman: “za mu mayar” alkawari ne, “za a iya mayarwa” ganin dama ne, kuma mai gyaran rubutu yana iya musanya su don daɗin sauti bai san ya yafe bashi ba. Na kuma bar “ka” na koma “baƙo”, don Hajiyar da ta kama ɗaki kada ta ce ba da ita ake ba.

Gwajin da aka saba shi ne a ba wani ya mayar da Hausar Ingilishi a kwatanta. Yana kama layin da aka tsallake, amma ba ya kama irin kurakuran nan, domin mai mayarwar ya san Ingilishin otal, yana ganin “fasa” zai mayar da ita kalmar da aka fara da ita, kowa ya ce ya yi daidai. Ni baƙi nake ƙirƙira. In rubuta biyar ko shida a ƙananan takardu: wanda ya kira Litinin, wanda ya kira Laraba ƙarfe 2 daidai, wanda ya kira Laraba ƙarfe 5, wanda ya iso 11 na daren Juma'ar, wanda ya iso 2 na dare, wanda ya yi shiru gaba ɗaya. Sai in ba mutum biyu. Ɗaya Ingilishin kaɗai zai gani, ɗayan Hausar kaɗai, kuma na Hausar nakan nemi wanda ba ma'aikacin wurin ba, mai gadi na maƙwabta ko wata gwaggo a gida, in karanta musu da baki in ba sa karatun boko. Tambaya ɗaya ce a kan kowane baƙo: nawa zai ciko, ko nawa za a mayar masa? Da rubutun sama, amsoshin su ne a mayar da 30,000, a mayar da 30,000, ya ciko 20,000, ya shiga ɗakinsa, ya ciko 110,000, ya ciko 110,000.

Ki ƙara musu na bakwai, wanda ya kira ƙarfe 6 na yammar Juma'a ya ce a soke. Za ki ga mutanenki biyu sun tsaya suna kallonki. Ya sanar, don haka ba ya cikin masu shiru, amma kuma babu sauran awa ko ɗaya kafin lokacin shiga, ya riga ya wuce da awa huɗu. Wannan takardar ki ɗauke ta ki kai wa manaja tare da sauran tambayoyin.